Waƙar rijiyar ƙofar gidanmu: abin da nake rubutawa a gefen takarda

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

An yanke shawara a gida cewa da zarar ruwa ya ɗauke za a rufe tsohuwar rijiyar da ke gabas da gidanmu. Shekara uku ke nan ba a sha daga cikinta ba, gefenta ya fara zaizayewa, ga yaran layi ba sa jin kwaɓa. Ban yi musu ba, amma na ce kafin a ɗora mata kankare sai na yi mata waƙa. Ƙwar biyu nake so, wato kowane baiti layi biyu, waɗanda ake kira ɗango, baiti arba'in, amsa-amo a ƙarshen ɗango na biyu na kowane baiti.

Yau ban rubuta ko ɗango ɗaya ba. Zaɓen harafin amsa-amo kawai na yi, domin na sha wuya a baya: in ka fara waƙa da harafin da ya zo maka a baitin farko, a baiti na goma za ka ga kana bara ƙofa-ƙofa.

Uku na auna. Na farko -ba. Shi ne mafi arha a Hausa, tunda jimlolin korewa da yawa suna ƙarewa da "ba". Amma arharsa tarko ce, don sai ka wayi gari duk baitocinka arba'in musu suke yi: ba ta ƙafe ba, ba mu manta ba, ba a gode ba. Ni kuwa labari nake so in bayar. Na biyu -wa, saboda kalmar "ruwa" tana ciki, kuma ga su cikawa, ɗaukowa, zubawa ba iyaka. Na ajiye shi don na san halina, zan zame in riƙa rufe kowane baiti da "ana kazawa, ana kazawa" har mai sauraro ya yi gyangyaɗi. Na uku -ya, kuma shi na ɗauka, don kayan rijiya da yawa nan suke: rijiya kanta, igiya, ƙwarya, tukunya, tsamiyar da ke kanta, safiyar da mata ke sammako. Na zauna na jera duk kalmar -ya da ta zo mini, na sami 61.

Talata, 10 ga Satumba

Na kai wa Kawu jerin nan a zaurensa bayan la'asar. Ya karanci aruli, ilimin awon waƙa, tun yana saurayi, kuma ba ya sakaya magana. Ya duba takardar ya ce, "To, ɗana, ka tara itace. Da wane kari za ka dafa?"

Na ce Mutadarak, irin wanda Sa'adu Zungur ya hau a "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", wadda ita ma da -ya take tafiya. Ya ce to in zauna in auna kowace kalma da wutsiyar karin tukuna.

Ga yadda ɗangon yake. Ƙafa uku ne, kowace ko dai gajerun gaɓoɓi biyu da doguwa ɗaya, ko dogaye biyu. Sai wutsiya: gajera ɗaya, doguwa ɗaya. Ke nan gaɓa uku na ƙarshen kowane ɗango dole su zo doguwa, gajera, doguwa. Rii-ji-yaa ta shiga daidai. Haka gas-ki-yaa, zuu-ci-yaa, tsaa-mi-yaa, saa-fi-yaa. Amma han-yaa, ƙwar-yaa, kun-yaa, mur-yaa da tu-kun-yaa duk dogaye biyu ne a ƙarshe, ba su da wurin zama. Abin da ya fi ba ni haushi igiya ce. I-gi-yaa gajeru biyu ne da doguwa, ita da tafiya da gajiya da ajiya. Waƙar rijiya, amma igiya ba za ta iya rufe ɗango ba!

Daga 61 na dawo 34. Da na sake tacewa na cire waɗanda ba ruwansu da rijiya, irin su tunkiya da kishiya, saura 22. Kawu ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka. Kalma ashirin da biyu, baiti arba'in. Sauran sha takwas ɗin da me za ka cika su? Da 'gaskiya' da 'duniya' da 'ka jiya' ko?" Ya ce malaman aruli suna kiran irin wannan ciko hashawu, kuma suna ƙin a maimaita kalmar amsa-amo ɗaya kafin a yi baiti bakwai tsakani. Na dawo gida na rage waƙar zuwa baiti 24. Gara ta gajarta da in yi mata ƙari da tsumma.

Lahadi, 15 ga Satumba

Baiti biyu sun tsaya.

Ya Rabbi ka buɗan zuciya,
In tsara batun wata rijiya.

Kakanmu da kansa ya sa diga,
A gabas da gida, gun tsamiya.

Na farkon na sa wa ɗango biyun duka -ya, kamar yadda aka saba a buɗe waƙa. Na biyun kuwa da farko "Bayan gida, gindin tsamiya" na rubuta.  Ƙanwata ta karanta ta fashe da dariya ta ce, "Yaya, a bayan gida Kaka ya haƙa mana rijiyar sha?" Kuma ma ba a bayan gidan take ba.

Wata dabara da na fara bi yau: ɗango na biyu nake fara rubutawa, sannan in koma in gina na farko. In ka fara da na farko, ka riga ka ɗaure kanka da rabin jimla, sai ka zo ƙarshe kana neman kalmar -ya da za ta rufe ta ko ta halin ƙaƙa. In kuwa mai amsa-amon ka fara kafawa, ɗangon farko sakakke ne, ba abin da yake bin ka sai awo.

Alhamis, 19 ga Satumba

Yau na ci karo da aibi biyu a ɗango guda, kuma ban ga ko ɗaya da kaina ba.

Ina so in faɗi zurfin rijiyar. "Ɗaya" tana cikin jerina, sai na rubuta:

Zurfinta gaba ne sha ɗaya.

Awon ya fita: zur-fin / ta-ga-baa / nee-shaa / ɗa-ya. Na ji daɗi na tafi ɗakin Goggo, ita ce babbar 'yar Kaka da ta rage. Yanzu haka nake yi, ina karanta mata ɗango ba tare da rerawa ba, kamar ina ba ta labari, domin rerawa tana rufe asirin jimla mai karkata. Murya mai daɗi takan sa a haɗiye abin da ba a tauna ba.

Ta ce, "Me ka ce?" Na maimaita. Ta ce, "Gaba ne sha ɗaya? Wane irin zance ne wannan, kai da kake koyar da yara? Gaba sha ɗaya ne ake cewa." Gaskiyarta. Na ciro "ne" daga mazauninta na cusa ta tsakanin abin ƙirga da adadinsa, don kawai "ɗaya" ta sami zama a ƙarshe. Ba Bahaushen da zai faɗi haka a kasuwa.

Nan take na gyara a kaina na ce, "Zurfinta gaba har sha ɗaya." Wannan Hausa ce sosai, awon ma bai motsa ba. Sai ta ce, "Sha ɗaya kuma? Bakwai ne. Ina nan aka auna igiyar." Na yi shiru. Wallahi ban san lokacin da na ƙara wa rijiyar gaba huɗu ba. Ban taɓa jin wani ya ce sha ɗaya ba, harafin -ya ne ya faɗa mini, ni kuma na rubuta. Gaba dai shi ne tsawon hannu biyu in mutum ya ware su, bai cika mita biyu ba, don haka na kusa zurfafa rijiyar da mita bakwai a banza.

Wannan ya fi karkatar jimla haɗari. Karkatacciyar jimla kunne yana kama ta. Ƙaryar da amsa-amo ya sa ka yi kuwa sumul take fitowa, sai wanda ya san abin ne zai tare ka.

Maganin shi ne in fitar da adadin daga wurin amsa-amo gaba ɗaya. Bakwai ba ta ƙarewa da -ya, to ta koma ɗangon farko inda ba a bin ta bashin harafi:

Ya haƙa, ya haƙa, a gaba bakwai
Ya tarar da ruwa wata safiya.

Jimlar ta gangara daga ɗangon farko zuwa na biyu, abin da ake kira gangara, kuma in ka karanta ta a miƙe magana ce da mutum zai iya yi. Na tambayi Goggo ko da safe ne aka ga ruwan, kada in sake yin wata ƙaryar. Ta ce da hantsi ne, tana shara aka yi guɗa. Na bar safiya.

Juma'a, 27 ga Satumba

Mako guda ina fama da ciko. Na rubuta baiti tara, yau na bi su da babban yatsa. Gwajin ba wuya: ka rufe kalmar ƙarshe da yatsa, ka karanta abin da ya rage. In maganar ta cika, ba abin da ka rasa, to kalmar da ke ƙarƙashin yatsanka haya take zaune. Huɗu daga cikin taran sun faɗi. Ga mafi muninsu:

Ran zafi in aka ba ka shi,
Daɗinsa akwai shi fa, gaskiya.

Rufe "gaskiya", saura "daɗinsa akwai shi fa". Rufe "fa", saura "daɗinsa akwai shi". Ke nan gaɓa huɗu cikin goma ba sa ɗauke da komai, ɗaya don awo, uku don harafi. Kuma abin da ya rage ɗin ma me ya ce? Ruwa yana da daɗi. Ana iya faɗin haka game da kunun zaƙi.

Na lura ciko ba daga rashin kalma yake farawa ba. Daga rashin abin faɗi yake farawa. Na zo ɗango na biyu ban san takamaimai me nake so in ce game da ruwan ba, shi ya sa na miƙa hannu ga kalmar da ta fi kusa. Sai na ajiye jerin kalmomin, na tambayi kaina me nake tunawa. Abin da nake tunawa shi ne lokacin bazara, mun dawo daga makaranta ƙafa duk ƙura, a jawo guga a miƙa maka, ka kafa kai, ka ji sanyin yana sauka har gadon baya. Da na riƙe wannan, kalmar ta zo da kanta, kuma ba ta ma cikin 61 ɗin farko:

Ran zafi in aka ba ka shi,
Sanyinsa yana bin jijiya.

Sa yatsa a kan "jijiya" ka gani. "Sanyinsa yana bin" me? Jimlar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Haka nake so kowace kalmar amsa-amo ta zama, wadda in an zare ta ginin zai rushe.

Ba wai na kori "gaskiya" daga waƙar ba ne. Na ba ta wuri ɗaya inda take aiki:

Aka ce mana aljan na ciki,
Wa zai leƙa ya ga gaskiya?

A nan ita ce abin da ake gani, ba rantsuwar da aka liƙa a wutsiya ba. Kalma ɗaya ce, a can 'yar rakiya, a nan mai gida.

Igiya ma ta sami ɗaki. Tunda ƙafa ce cikakkiya, gajeru biyu da doguwa, sai na sa ta a tsakiyar ɗango:

Sawun igiya na nan a kai,
Ta sassaƙe bakin rijiya.

Wanda ya san rijiyar ya san gungumen da ke bakinta, da kwarin da igiyoyi suka yi masa har yatsa yana shigewa. Wannan ne karo na biyu da "rijiya" ta rufe baiti, kuma na ƙirga, baiti tara ne tsakaninta da ta farko.

Laraba, 2 ga Oktoba

Yau ce ranar da na fi ƙaruwa, don haka zan tsawaita.

Akwai baitin da nake so in kwatanta da da yanzu: da ruwa kyauta ne, yanzu kullum sai mun tare mai kura mun sayi jarka. "Saya" tana cikin jerina, kuma ta dace da wutsiyar kari. Matsalar ita ce a maganar yau da kullum aikatau ba ya zuwa ƙarshe in yana da abin da ya faɗa wa. Muna cewa mun sayi ruwa, ko mun saye shi. Siffar "saya" ba ta fitowa sai in babu komai a bayanta. To don in same ta, sai na ɗauko ruwan na kai shi gaba:

Da can kyauta aka san ruwa,
Yau ga shi ruwan sha mun saya.

Na san akwai abin da ke yi mini ƙaiƙayi a ɗango na biyu, amma na kasa sa hannu a kai. Na kai wa Kawu. Ya sa na karanta sau biyu, sannan ya ce, "In na tambaye ka me kuka saya, me za ka ce?" Na ce, "Ruwan sha muka saya." Ya ce, "To ina 'muka' ɗin a nan?"

Nan ne na gane. Hausa ba ta hana a kai abu gaban jimla ba, kullum muna yi. Amma tana karɓar kuɗinta. In ka gabatar da abu don ka nuna shi ne ba wani ba, dole "mun" ta koma "muka", "sun" ta koma "suka", "muna" ta koma "muke". Ni kuwa na kai kayan gaba na ƙi biyan kuɗin, saboda "muka" gajeru biyu ce, ni kuma doguwa nake bukata kafin "saya". Kuma ko da awo ya yarda da "muka saya", ma'anar ba ta yi ba, don ba sau ɗaya muka saya ba, kullum ne. Abin da ke cikina shi ne "ruwan sha muke saye", wanda ya kashe amsa-amon ɗungurungum.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ana cewa waƙa tana da larura." Ya ce, "Tana da ita. Larura ita ce ka taƙaita wasali, ko ka haɗe 'buɗa mini' ta koma 'buɗan' kamar yadda ka yi a baitin farko, abin da baki ma yana yi. Amma ka karya wa jimla ƙashin baya ka ce larura? Mai taimama ga ruwa a gabansa ke nan."

Shawararsa ita ce kada in tura kalma gaba da ƙarfi, in nemi irin ginin da Hausa da kanta take gabatar da abu a cikinsa. Muka zauna muna lissafa su da baki. Akwai tambaya: me ka saya, wa zai biya. Akwai "abin da": abin da muka saya. Akwai "-kan" na sabo, wanda ba ya sauyawa ko an gabatar da abu: ruwa mukan saya. Akwai kuma "ko kaza sai an yi kaza", irin ko gishiri sai mun roƙa. Da ya faɗi wannan na ƙarshen sai na ji ɗangon ya faɗo:

Da can kyauta aka san ruwa,
Yau ko moɗa sai mun saya.

Yau-koo / moo-ɗaa / sai-mun / sa-yaa. "Mun" ɗin da ta zama laifi ɗazu, a bayan "sai" ita ce daidai. Moɗa tana gaba, "saya" tana ƙarshe, kuma ba wanda zai ce an juya wani abu, domin haka uwar gida take faɗa in tana mitar tsadar ruwa. Har ma ya fi na farkon cizo, don "ruwan sha" bayani ne, moɗa kuwa ana ganinta a kan randa.

A hanyar dawowa, wajen Babban Dodo, na riƙa sauraron mutane ina lura da inda jimlolinsu ke ƙarewa. Mai lemo yana cewa "wannan ba na sayarwa ba ne", wata tana cewa "nawa zan biya". Aikatau yana zuwa ƙarshe sau da yawa fiye da yadda nake zato, ba tare da kowa ya murɗe harshe ba. Na koma na binciki sauran baitocin da na gabatar da wani abu a cikinsu. Biyu suna da irin wannan ciwo. Ɗaya "suna" ce ta kamata ta zama "suke", kuma da yake nauyinsu ɗaya, gajera da doguwa, gyaran bai ci mini komai ba. Ɗayan na yar da shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Baiti 19. Na rera su duka a jere a karon farko, a kan babur ina dawowa daga Samaru, sai na ji wasu baitocin suna faɗuwa a ƙarshe kamar an taka rami, alhali harafi ɗaya ne kuma awo bai karye ba. Da na isa gida na ware su. Uku ne, masu ƙarewa da duniya, lafiya da tsaya. Duk ukun muryar ƙasa take yi a gaɓar ƙarshe. Sauran kuwa, rijiya, zuciya, tsamiya, safiya, gaskiya, saya, duk sama suke ƙarewa.

Wannan ne abin da Farfesa Dalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a kansa a 1980, cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita karin sautin ƙarshen baiti, ba harafi kaɗai ba. Na san zancen tun ina ɗalibi, amma sai yau na ji shi a bakina.

Ban mai da shi doka ba. In na ce sai mai ƙarewa sama kaɗai, jerina zai sake raguwa, kuma ƙarancin kalma shi ke haifar da cikon da nake gudu. Na duba ukun da gwajin yatsa. "Duniya" da "lafiya" dama ciko ne da suka tsere mini ranar 27, "a duniya" da "cikin lafiya", irin waɗanda ake liƙa wa kowace jimla. Na cire su ba tare da baƙin ciki ba. "Tsaya" kuwa tana aiki, a baitin da ke cewa guga ya daina sauka, kuma faɗuwar muryar ta dace da abin da ake faɗa. Ta zauna. Saura baiti 17.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An kawo yashi da buhun siminti uku an jibge a gindin tsamiya. Magini ya ce ranar Asabar.

Kwana shida ina riƙe da rabin baiti. Wannan karon na saɓa wa dabarata, ɗangon farko ne ya riga zuwa, kuma na ƙi rabuwa da shi:

An ce a rufe ta da kankare,

Abin da ya kamata ya biyo shi ne dalili, wato kada yaro ya faɗa. Na gwada "Don yaran layi, kariya", na ji kamar rubutun allon gargaɗi. Na gwada "Tsare yara kullum ya yi wuya", Hausar ta yi amma awon ya zarce, don kafin "wuya" doguwa ake so, "yi" kuwa gajera ce. Na gwada abubuwa wajen goma, kowanne ko harshe ya karkace ko kari ya karye.

Jiya da daddare maƙwabciyarmu ta shigo tana cewa ita dai ba ta so a rufe, ko don wanki. Goggo tana tsefe kai ta ce mata, "Ke dai bari, faɗawar yaro ba wuya." Ina daga tsakar gida na ƙirga da yatsu. Faa-ɗaa / war-yaa / roo-baa / wu-yaa. Ko wasali ɗaya ban taɓa ba.

An ce a rufe ta da kankare,
Faɗawar yaro ba wuya.

Na gaya mata ta yi mini ɗango. Ta ce in dai akwai kuɗi a ciki a ba ta rabonta.

Yanzu baiti 21. Biyu daga cikin ukun da suka rage na san abin da za su ce, na matan da ke sammako da na shekarar da aka yi yasa aka tsamo guga biyar. Wanda ya tsaya mini shi ne na rufewa, addu'a ga Kaka. Ina da "Mai tonon, Allah zai biya", awo daidai, harafi daidai, muryar ma sama take ƙarewa. Na karanta wa Kawu ta waya, ya ce, "Wannan ba roƙo ba ne, ɗana, labari kake ba mu. Kai ka san abin da Allah zai yi? 'Allah ya biya' ake cewa." Na ce "ya" gajera ce, ba ta shiga. Ya ce to in nemi wata kalmar, kada in sauya addu'a don kari.

Cikin jerin, waɗanda ban taɓa ba saura godiya, dariya da moriya. Zan gwada godiya gobe bayan an tashi daga makaranta.